Yoyon fitsari bayan haihuwa: tambayoyin da aka fi yi mani da amsoshinsu

Ni nas ce, ungozomar asibiti, na daɗe a ɗakin haihuwa a nan cikin birnin Kano sannan na yi wasu shekaru a ɓangaren masu yoyon fitsari. Ko gidan biki na je ko gidan suna sai wata ta ja ni gefe ta ce Anti dan Allah ina da tambaya amma ba ni ba ce, wata ƙanwata ce. Toh shi ne na ce bari in tattara tambayoyin wuri ɗaya in amsa yadda na sani, wadda ta ji kunyar tsayar da ni ta karanta a ɗakinta.

Wai mene ne ma yoyon fitsarin, mafitsarar ce ta fashe?

Ba fashewa ba ce irin ta balan-balan. Ƙofa ce ta ɓule a inda babu ƙofa. Mafitsara tana zaune ne a gaban farji, tsakaninsu bango ne na nama siriri, ta baya kuma hanyar bayan gida ce ita ma da nata bangon. Idan bangon gaba ya huje, fitsarin da ƙoda ke aikowa ba zai tsaya a mafitsara ba, yana zuwa yana bi ta ramin yana fita ta gaban mace, dare da rana, tana zaune tana kwance tana sallah, ba ta ma jin wai fitsari ya matse ta saboda ba ya taruwa balle ya matsa. Likitoci suna ce masa fistula. Idan bangon baya ne ya huje to kashi da tusa ne za su riƙa fitowa ta gaba, kuma akwai wadda ake samu da duka biyun.

Sista, ta yaya naƙuda za ta huda mafitsara, ba kan jariri ne kawai ke fitowa ba?

Nan ne nake so a tsaya a fahimta don duk sauran maganar a kansa take.

Kin san yadda ake yi wa jaririn da aka haifa da cindo, a ɗaure ɗan yatsan da zare tam, ba a yanke shi ba, amma bayan kwana kaɗan sai ya yi baƙi ya bushe ya faɗi da kansa saboda jini ya daina zuwa masa. Toh abin da ke faruwa a cikin ƙugun mace kenan. Ƙugu zobe ne na ƙashi, ba ya buɗewa kamar roba. Idan kan ɗa ya shigo ya kasa wucewa, mahaifa ba ta san ya maƙale ba, ita dai turowa take yi, kowane 'yan mintuna ta ƙara turowa. Sai kan ya danne bangon farji da mafitsara a jikin ƙashin gaba, nan ƙashin da kike ji a ƙasan mara. Ƙashi ta nan, ƙashi ta can, nama mai laushi a tsakiya. A naƙuda ta lafiya ma ana samun wannan dannewar amma na ɗan lokaci ne, ɗa ya wuce jini ya dawo shikenan. Idan kuwa aka kwana aka wuni aka sake kwana kan yana nan a cushe, naman da aka matse ya mutu.

Kuma abin da ke rikita mutane shi ne ba a ranar ake ganin yoyon ba. Naman ya mutu amma yana nan a manne, sai bayan kwana 3 zuwa 10 yake ruɓewa ya saɓule ya fita, wani lokaci mace ta ga wani abu fari-fari ko toka-toka mai wari ya fito, daga nan sai ta farka ta ga shimfiɗa sharkaf. Shi ya sa za ki ji ana cewa ai lafiya lau ta dawo gida, sai ana gobe suna abin ya same ta, lallai hannu aka sa mata. Ba wanda ya sa mata hannu. Tun ranar naƙuda aka yi ɓarnar, bayyana ce ta yi jinkiri.

Shi kuma ɗan, a mafi yawan irin wannan haihuwar ba ya zuwa da rai, kusan tara cikin goma. Sau da yawa ma sai bayan ya rasu a ciki ƙasusuwan kansa sun yi laushi sun haɗe sannan yake iya fitowa. Wato mace ta rasa ɗa, sannan kafin ta gama kukan ta ga fitsari na bin ƙafarta.

Me ke sa ɗan ya maƙale tun farko?

Ko ƙugun ya yi masa kaɗan, ko shi ya yi wa ƙugun yawa, ko ya zo ba daidai ba. Ƙugu yana yin kaɗan ga yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, saboda tsawo yana riga faɗin ƙugu kammaluwa, za ki ga yarinya ta fara al'ada ta yi tsawo amma ƙashin bai gama buɗewa ba. Haka wadda ta tashi da ƙarancin abinci tun tana ƙarama ta tsumbure. Zuwa ba daidai ba kuma shi ne ɗa ya kwanta a gicciye, ko ya gabato da goshi, ko hannu ya riga fitowa, ko kansa ya kumbura da ruwa.

Ashe ba ciwon ƙananan yara 'yan auren wuri ba ne kawai?

A'a wallahi, kuma wannan tunanin ya cuci manyan mata da yawa. Gaskiya ne 'yan haihuwar fari masu ƙananan shekaru suna da yawa a ɗakinmu, ba zan ɓoye ba. Amma na ga mai haihuwa ta takwas, ta tara, tana cewa ni da na haifi bakwai a ɗakina ko ungozoma ban kira ba sai yankan cibi. Toh na takwas ɗin ya fi sauran girma, ko ya zo a gicciye saboda mahaifa ta saki, ita kuma ta saba da haƙuri sai ta yi ta jira. Irin waɗannan ma su ne mahaifarsu ta fi saurin fashewa. Shekaru suna ƙara haɗari amma abin da ke huda mafitsara shi ne awannin da kai ya yi a maƙale ba a ciro shi ba.

Awa nawa ne naƙuda ta zama doguwa? Mu a gida ta yaya za mu gane?

Abin da nake gaya wa iyaye mai sauƙin riƙewa: naƙuda ta gaske, wadda ciwo ke zuwa a jere yana ƙaruwa, kar ta wuce awa 12 ba a ga ma'aikacin lafiya ba. Wadda ta fara da asuba, in aka kira magariba ba ta sauka ba to a daina jiran komai. Ni dai a son raina tun farawa a taho, amma wannan ita ce iyakar da ba a tsallakewa.

Alamun cewa ɗa ya maƙale kuwa ba sa ɓuya. Tana ta yunƙuri fiye da awa ɗaya ko biyu ba abin da ya sauko. Faya ta fashe tun jiya. Fitsari ya ƙi fita ko ya fito da jini-jini, wannan alama ce babba don tana nuna an riga an fara matse mafitsara. Gabanta ya kumbura, leɓɓanta sun bushe, jiki ya yi zafi, ruwan da ke fita ya koma kore ko yana wari. Ciki ya rabu biyu kamar an ɗaura masa igiya a tsakiya. Hannun ɗa ko igiyar cibiya ta leƙo. Sannan mafi muni, ana tsaka da ciwo mai tsanani sai naƙuda ta tsaya cak, mutanen gida su ce alhamdulillahi ta samu sauƙi bari ta huta, alhali mai yiwuwa mahaifa ce ta fashe.

Dan Allah kar a kira mai kemis ya zo ya yi mata allurar naƙuda ko ya ɗaura ruwan naƙuda a gida, kuma kar a hau cikin ana dannawa. In ƙofa ta yi kaɗan ƙara turi ba zai faɗaɗa ta ba. Rubutu da addu'a a yi, ba wanda ya hana, amma a yi su a cikin mota.

Ki ba mu labarin wata da kika gani, yadda abin ya faru daga farko

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, ba zan faɗi suna ko garinsu ba. Shekararta kamar 17, aure aka kawo ta cikin gari, cikin fari, ta je awo sau biyu ma. Da ciki ya shiga wata tara aka mai da ta ƙauye goyon ciki wajen iyayenta kamar yadda aka saba. Naƙuda ta fara ranar Talata bayan isha'i, ba ta gaya wa kowa ba saboda kunya, ɗan fari ne, sai ta yi ta zagaye a bayan ɗaki tana cije baki. Da asubar Laraba faya ta fashe uwar ta gane. Aka kira ungozoma ta ce haihuwar fari dama sai an sha wuya. Baban ya tafi cin kasuwa, mijin yana Kano ba a sanar da shi ba, ba wanda zai ce a fita da ita. Daren Laraba ta kwana durƙushe. Ranar Alhamis da hantsi aka samu mota zuwa ƙaramin asibiti, can suka duba suka ce wannan ta fi ƙarfinmu, babu mai yin tiyata, ku wuce gaba. Sai bayan la'asar suka iso inda za a iya yi mata aiki, aka nemi jini aka nemi sa hannu, aka ciro ɗan namiji ba rai. Ki lissafa, kusan awa 45.

Aka sa mata robar fitsari, amma kwana 2 aka cire aka sallame su saboda gado. Nan ne kuskure na biyu, kuma namu ne mu ma'aikata, mace da ta yi irin wannan naƙudar ya kamata robar ta zauna kwana 10 zuwa 14 ko da ba ta fara yoyo ba. Kwana na biyar ta tashi a jiƙe. Ƙafarta ta dama kuma ba ta ɗaguwa, tana tafiya tana jan ta silifas na faɗuwa.

Abin da ya taimake ta shi ne mijin, da ya ji labari bai tsaya ba ya ɗauko ta ya kawo ta a sati na biyu. Aka duba aka ga rami wanda ɗan yatsa biyu za su shiga, gefensa duk ruɓaɓɓen nama. Aka mai da roba, aka tsabtace wurin, aka sa ta zama cikin ruwan ɗumi kullum da shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga maganin ƙarin jini. Bayan sati 4 ramin bai rufe ba amma ya tsuke ya koma kamar kan ɗan yatsa ɗaya, naman ya yi ja mai kyau. Aka shiga da ita aka ɗinke, bai kai awa ɗaya ba. Roba ta ƙara sati 2. Ranar da aka cire ta tana zaune a bakin gado tana shafa zanin gadon da hannu tana dubawa, can sai ta ce Anti ina jin fitsari, ta faɗa tana dariya tana hawaye, don rabon da ta ji fitsari ya matse ta tun kafin haihuwa. Ƙafar ce ta fi daɗewa, sai da ta yi wata kusan shida tana gashi da motsa jiki kafin ta saki.

Ita ƙafar me ya haɗa ta da fitsari?

Jijiyoyin da ke sauka ƙafa ta cikin ƙugu suke bi, kan ɗan ya danne su kamar yadda ya danne mafitsara, ga kuma daɗewa a durƙushe. Yawanci tana dawowa a hankali, wata a watanni wata har shekara ɗaya ko biyu. Ba shan inna ba ne ba kuma iska ba.

Yau kwana 6 da haihuwar matata ta fara yoyo, an ce in jira ta yi arba'in ko wata uku. Haka ne?

Malam kar ka jira, gobe da safe ka kawo ta. Maganar wata uku ta samo asali ne daga tsohon tsarin tiyata, ana jira nama ya huce kafin a ɗinke, kuma har yanzu akwai ramin da sai an jira ɗin. Amma jiran a hannun likita ake yinsa da roba a jiki, ba a ɗaka kan tsumma ba. In aka sa robar fitsari da wuri ta zauna sati 4 zuwa 6, mafitsara na zama a lanƙwashe ba komai a ciki, bakin ramin ya haɗu, kuma wasu ƙananan ramuka suna rufewa da kansu ba a yi tiyata ba sam. Ba duka ba, kaɗan ne daga ciki, amma ko bai rufe ba yana raguwa aikin ya zo da sauƙi. Wannan hanyar a nan arewa aka fi gwada ta, Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya fara aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980 yana kuma zuwa Kano yin aiki, shi ya yi ta nanata a sa roba nan take. In an bari wata biyu uku suka wuce bakin ramin ya warke ya yi tabo, roba ba ta da sauran amfani sai ɗinki.

Duk mai zubar fitsari ne ke da ramin? Ni sai na yi tari ko atishawa yake zubo mani

Hajiya naki da alama ba shi ba ne. Wannan sakin jijiyoyin ƙasan mara ne, yana samun mata masu yawan haihuwa, kuma kina jin fitsari kina zuwa bayi kamar kowa. Shi ma ana magani amma daban. Mai rami ita kullum a jiƙe take ko ba ta motsa ba.

Yadda muke tabbatarwa ba wuya. A sa roba, a ɗura ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara, a leƙa ta gaba. In shuɗi ya ɓullo to ga ramin nan an gan shi. In kuma mace na jiƙewa amma ruwan da ke fita fari ne ba shuɗi ba, kuma tana yin fitsari da kanta, to sai a yi zargin bututun da ke saukowa daga ƙoda ne aka ji wa rauni, wanda an fi samu bayan tiyata.

Toh ai ga shi kin faɗa, mu dama mun ji tiyatar haihuwa ce ke kawo shi

Bari in faɗi gaskiya ta ɓangare biyu. E, akwai yoyon da hannun mai tiyata ke jawowa, wajen ciro ɗa ko cire mahaifa a yanki mafitsara ko a ɗaure bututun ƙoda, musamman in wanda ya yi aikin bai ƙware ba, kuma irin wannan muna ganinsa yanzu fiye da da. Shi yawanci da wuri yake nunawa kuma ramin yana can sama. Amma mafi yawan waɗanda ake cewa aiki ne ya jawo musu, irin yarinyar can ce, an kai su bayan kwana biyu naman ya riga ya mutu, aka yi aiki, yoyo ya biyo baya, sai laifi ya faɗa kan wuƙa. Da an yi aikin nan ranar Laraba da safe da ta tashi da ɗanta a hannu kuma a bushe.

Sai yankan gishiri. Har yanzu akwai inda in naƙuda ta yi tsawo, ko amarya ta ƙi miji, ake kiran wanzami ko ungozoma a sa aska a tsaga gaban mace wai gishiri ya toshe hanya. Askar tana tafiya kai tsaye kan bututun fitsari da mafitsara. Ramin aska sau da yawa yana tsaga bututun ne a tsaye, wurin da ke riƙe fitsari, gyaransa sai gwani.

Yaya ake aikin? Za a farka cikina ne?

Yawanci a'a. Ta gaba ake bi, ba tabo a ciki. Allurar baya ake yi, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, idonki biyu kina jin hirar mutane. Likita zai raba bangon farji da na mafitsara a kewayen ramin, ya saki naman daga inda tabo ya manne shi da ƙashi har sai bakin ramin ya haɗu da kansa ba tare da an ja shi ba, don ɗinkin da aka yi da ja ba ya riƙewa. In ramin na kusa da inda bututun ƙoda ke shigowa sai a zura musu 'yan siraran robobi kar a haɗa da su a ɗinki. A ɗinke mafitsara da zaren da ke narkewa, a sake ɗura ruwan shuɗin nan a gani ko akwai inda ke ɗiga, sannan a rufe bangon farji. Mai sauƙi minti 30 zuwa awa ɗaya, mai wuya ya fi haka. Wanda ke can sama kusa da mahaifa ko na bututun ƙoda shi ne ake buɗe ciki.

Rabin aikin kuma bayan an fito ne. Roba za ta zauna kamar sati 2, a rami mai sauƙi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kwana 7 zuwa 10 ma sun isa. Duk tsawon nan dole fitsari ya yi ta gudu, in robar ta toshe ko ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya mafitsara ta cika, ɗinki zai ɓalle a dare ɗaya. Shi ya sa muke zagayawa da tocila tsakar dare muna leƙa robobi, kuma muke takura wa mata da shan ruwa lita 4 zuwa 5 a rana, wajen leda goma ta fiya wata, har sai fitsarin ya zama fari kamar ruwan. In kin ga ya daina ɗiga ko mararki ta ɗaure, kar ki jira safiya, ki ta da nas ko tana barci.

Ana warkewa kuwa da gaske?

Ana warkewa. Rami mai sauƙi da ba a taɓa taɓawa ba, a hannun wanda ya iya, takwas zuwa tara cikin goma suna rufewa a aikin farko. Ki lura da kalmar farko. Duk aikin da aka yi ya ɓalle yana barin tabo ya cinye nama, na biyu ya fi wuya na uku ya fi na biyu. Don haka kar a kai ta wurin duk wanda ya ce zai gwada.

Sannan akwai abin da ba a cika gaya wa mata ba sai su ji kamar an yaudare su: rufe rami daban, bushewa daban. Bututun fitsarin mace gajere ne, santimita 3 zuwa 4 kacal, kuma shi da wuyan mafitsara su ne makullin. In naƙuda ta cinye wurin, ana iya rufe ramin tsaf amma fitsari ya riƙa zubowa ta hanyarsa ta asali in ta tashi tsaye ko ta yi tari. Wasu suna gyaruwa cikin watanni da motsa jijiyoyin ƙasan mara, wasu sai an sake wani aikin. Akwai kuma 'yan kaɗan da mafitsarar ta lalace gaba ɗaya ba abin ɗinkawa, su ake yi wa maganar karkatar da fitsari ta wata hanya, shawara ce mai nauyi ba a yinta da gaggawa.

Gwaggona ta shekara 20 da shi, ba ta makara ba?

Ba ta makara ba, a kawo ta. Daɗewa ba ta hana ɗinki, girman ɓarna ne ke hanawa. Abin da na fi gani ga waɗanda suka daɗe shi ne sun daina shan ruwa don yoyon ya ragu, sai fitsarin ya yi kauri ya yi zarni sosai ya ci musu fatar cinya, har tsakuwa ta fito a mafitsara. Ku ce ta fara shan ruwa tun yau, fitsari mai ruwa-ruwa bai cika wari ba, ta riƙa wankewa tana shafa man basilin a inda ya saɓule.

Ina za mu je a Kano, kuma nawa ne?

Cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad aikinta kenan shekara da shekaru. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma akwai likitocin mata. A maƙwabta akwai babbar cibiyar ƙasa a Babbar Ruga Katsina, akwai ta Ningi a Bauchi, akwai Jahun a Jigawa. A cibiyoyin yoyon fitsari aikin kansa kyauta ake yi bisa al'ada, kuma a 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara shirin ɗaukar nauyin masu wannan lalura. Ku dai yi tanadin kuɗin mota da abinci da mai jinya, ku taho da katin asibitin da ta haihu in akwai, da bokiti da zannuwa. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ku ba shi kuɗi ya sama muku layi, ku wuce shi ku tambayi nas mai kula da ɗakin.

Yaushe za ta koma ɗakin mijinta, kuma za ta sake haihuwa?

Wannan maigida nake so ya karanta. Ba saduwa har sai likita ya duba ya ce to, mafi ƙaranci wata 3, wurare da yawa wata 6 suke cewa. Na ga aiki mai kyau da ya ɓalle a sati na biyar saboda wannan, matar ta dawo tana rufe fuska ta kasa faɗin abin da ya faru. Ba ɗaukar ruwa ko itace mai nauyi, ba daka, ba tura komai a gaba ko da sunan maganin mata ne ko matsi.

Haihuwa kuwa da yawa suna sake yi. Wasu al'adarsu na ɗaukewa na tsawon lokaci bayan wahalar sannan ta dawo, wasu kuma mahaifar ta taɓu ko an cire ta. In ana so a sake, a ba da tazara aƙalla shekara ɗaya, a yi tsarin iyali a tsakani. In ciki ya shiga a fara awo da wuri, a gaya musu an taɓa yin aikin yoyon fitsari, kuma haihuwar ta tiyata ce da aka sa wa rana kafin naƙuda ta fara. Ƙugun da ya hana ɗan farko wucewa yana nan yadda yake, ga tabo ya ƙaru a kai.

Ni uwa ce, 'yata na da cikin fari wata bakwai. Me zan yi takamaimai?

Yawwa Mama, ke ce ma kika fi kowa iko a wannan maganar. Ta je awo, a wata na tara a tabbatar kai ne a ƙasa, in da hali a yi hoton ciki. In gajera ce sosai ko shekarunta kaɗan ne, ki tambayi nas kai tsaye ko asibitin nan suna yin tiyata da daddare, in ba sa yi a zaɓi wanda ke yi tun yanzu. In za ta zo goyon ciki wajenki kuma kin san daga gidanki zuwa babban asibiti tafiya ce, gara ke ki taho wajenta.

Ki zaunar da mijinta da babanta a yi magana ɗaya: in naƙuda ta tashi ba sai an nemi izinin kowa ba, duk wanda ke gida ya fita da ita. A ajiye lambar mai adaidaita sahu biyu na unguwa waɗanda za su ɗaga waya ƙarfe biyun dare, a ware kuɗi a kulle, a san mutum biyu a dangi da za su iya ba da jini. Ita kuma yarinyar ki ja ta ɗaki ki gaya mata da bakinki cewa in ta ji ciwon mara da baya ta faɗa miki nan take, don in ba ke kika cire mata kunyar ba ba za ta faɗa ba.

In kun je asibiti kuma ba a gama ba. Ana duba buɗewar bakin mahaifa duk bayan awa 4 ana rubutawa a takarda, sai ya kai santimita 10 ɗa ke fita. In an duba sau biyu lamba ba ta motsa ba, kan bai sauko ba, kina da damar ki ce Sista me ake ciki, a kira likita mana. In suka ce aiki, a sa hannu a lokacin, kar a ce bari a kira kawunta na Kurna a ji ra'ayinsa. In kuma Allah ya sa an riga an daɗe kafin a iso, bayan an ciro ɗan ki tambaya kwana nawa robar fitsarin za ta yi, in suka ce gobe za a cire ki ce a'a dan Allah likita ya sake dubawa, ta yi kwana biyu tana naƙuda.